Girka manhaja daga fayil ɗin apk: hatimin wa yake ɗauke da shi, kuma wane izini zai nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya turo mini wata manhaja ta hanyar Xender, fayil ne mai ƙarewa da .apk, ya ce irin WhatsApp ce amma ta fi ta Play Store abubuwa. Da na taɓa, sai wayar ta ƙi, ta ce ba a ba ta izinin girka manhaja daga wannan waje ba. Yaya ake buɗe izinin, kuma akwai haɗari? A wayar nan manhajar bankina take.

Amsa: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Buɗe izinin ba ya cin minti ɗaya, kuma zan faɗa maka yadda ake yi, domin akwai lokutan da girka apk daga wajen Play Store abu ne mai ma'ana wanda mu masu aikin waya muke yi a kullum. Amma game da wannan fayil ɗin da ke hannunka, shawarata ita ce kada ka girka shi a wayar da layinka na banki yake ciki. Dalilin yana cikin yadda Android take gane mai manhaja, don haka daga nan zan fara.

Fayil ɗin apk ƙunshi ne kawai, irin na zip, wanda aka tattara komai na manhaja a cikinsa. Idan ka kwafe shi zuwa kwamfuta, ka canza ƙarshen sunansa zuwa .zip ka buɗe, za ka ga `classes.dex` wanda shi ne ainihin umarnin da wayar ke bi, da hotuna, da kuma `AndroidManifest.xml` inda aka rubuta sunan ƙunshin da jerin izinin da manhajar za ta iya nema. Abin da Play Store take ɗora maka ma apk ne, sai dai ba ta nuna maka fayil ɗin. Saboda haka kasancewar abu apk ba laifi ba ne. Kamfanin WhatsApp da kansa yana ba da apk a shafinsa, rumbun F-Droid yana raba manhajoji ta wannan hanya tun 2010, kuma masu wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store sam, dole su nemi wata hanya.

Android ba ta karɓar apk sai yana ɗauke da sa hannu na lissafi, wanda za ka iya ɗaukarsa kamar hatimin da ake bugawa a bakin ambulan. Wanda ya haɗa manhajar yana da wani mabuɗi na sirri, da shi yake buga hatimin, kuma idan wani ya canza ko da harafi ɗaya a cikin ƙunshin, hatimin ya lalace, waya ba za ta karɓa ba. Mutane da yawa suna jin haka sai hankalinsu ya kwanta, alhali ba su ji sauran bayanin ba. Kowa yana iya sassaƙa nasa hatimin a kwamfutarsa cikin daƙiƙoƙi, ba tare da ya nuna katin shaida ga kowa ba. Wanda ya buɗe manhajar wani, ya cusa abin da yake so, sai kawai ya cire tsohon hatimin ya buga nasa, kuma a girkawar farko wayar ba ta tambayar na wane ne, abin da take dubawa shi ne hatimin ya dace da abin da ke cikin ƙunshin. Inda hatimi yake aiki sosai shi ne wajen sabuntawa: idan akwai manhaja mai wani sunan ƙunshi a wayar, ba za a iya ɗora wata mai wannan sunan a kanta ba sai hatiminsu ya zo ɗaya.

Wannan ƙa'ida tana ba ka gwaji na kyauta wanda ba ya buƙatar kwamfuta. A ce kana da WhatsApp ta asali daga Play Store, wadda sunan ƙunshinta `com.whatsapp` ne, sai ka taɓa wani apk da aka ce sabon fitowarta ne. Karanta tambayar da allon zai yi maka. Idan ya ce "Do you want to update this app?" kuma girkawar ta kammala, to hatimi ɗaya ne, fayil ɗin daga masu ita ya fito, ko ta hannun wa ya biyo. Idan ya ce "Do you want to install this app?" alhali kana da ita, to sunan ƙunshin daban ne, wato wata manhaja ce dabam da ta ari tambari da suna, kamar yadda GBWhatsApp take amfani da `com.gbwhatsapp` don ta zauna kusa da ta asali. Idan kuwa ya nemi sabuntawa, sannan ya tsaya da "App not installed as package conflicts with an existing package", to sunan ɗaya ne amma hatimin ya bambanta. A nan ne za ka ji mai turo fayil yana cewa ai sai ka goge tsohuwar tukuna sannan sabuwar za ta hau. Gaskiya ne za ta hau, domin ka kawar da abin da wayar take gwada hatimi da shi. Akwai lokacin da wannan saɓani ba cuta ba ne, misali manhajar da F-Droid ta buga wa nata hatimin ba za ta hau kan kwafin Play Store ba, amma idan fayil ya zo daga hannun mutum kuma ana matsa maka ka goge ta asali, ni ina ɗaukar hakan a matsayin ƙarshen magana.

Yanzu ga fayil ɗin ƙanenka. Duk wata WhatsApp da aka ce tana nuna saƙon da aka goge, ko tana da launuka dubu, ta asali ce wani ya farke ya ɗinke, ya buga nasa hatimin. Ƙanenka bai san shi ba, wanda ya tura wa ƙanenka ma bai san shi ba, kuma sau da yawa fayil ɗin ya bi hannun mai gyara na biyu da na uku, kowa da abin da ya ƙara, musamman tallace-tallace domin da su suke samun kuɗi. Wannan ba zato ba ne. A 2021 masu bincike na kamfanin Kaspersky sun gano muguwar manhajar nan Triada a cikin FMWhatsApp mai lamba 16.80.0, ta shigo ne ta ɓangaren talla da aka cusa, kuma tana iya sauko da wasu miyagun manhajoji, ta yi wa mai waya rajistar ayyukan da ake cire wa kuɗi ba da saninsa ba. A 2022 suka sake samun irinta a YoWhatsApp, wadda ke kwashe mabuɗan da ake iya ƙwace asusun mutum da su. Kuma kada a ruɗe ka da cewa ai saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, domin kullewar tana kare saƙo ne a kan hanya, ita kuwa manhajar da ke wayarka ita ce mai buɗe shi don ta nuna maka, abin da ta ga dama da shi take yi bayan ta buɗe. Ban da haka, kamfanin WhatsApp yana dakatar da lambobin da ya gano suna amfani da irin waɗannan, da farko na ɗan lokaci, idan aka ci gaba kuma gaba ɗaya, kuma ga mai kasuwanci da lambarsa wannan kaɗai asara ce.

Ga yadda ake buɗe izinin idan fayil ɗin ya cancanta, misali wanda ka sauke da hannunka daga shafin masu manhajar. Kafin Android 8 akwai makunni ɗaya mai suna "Unknown sources" a ƙarƙashin Security, wanda idan ka kunna shi ka buɗe ƙofa ga kowa. Daga Android 8, wadda ta fito a 2017, izinin ya koma na kowace manhaja ita kaɗai, wato wadda ka buɗe fayil ɗin daga cikinta ita ce ake ba wa, ko Chrome ce, ko Xender, ko manhajar fayiloli. Idan gargaɗin ya fito, ka taɓa Settings a jikinsa, ka kunna "Allow from this source", ka dawo baya, ka karanta tambayar da na ambata a sama, sannan ka taɓa Install. Idan Play Protect, mai gadin manhajoji ta Google, ta nemi ta duba fayil ɗin, ka bar ta ta duba, idan kuma ta ce mai cutarwa ne, ka tsaya a nan. Da zarar an gama, ka koma ka kashe izinin. Wurinsa yawanci Settings, Apps, Special app access, Install unknown apps, amma Tecno da Infinix da itel da Samsung kowa da yadda ya jera nasa, don haka ya fi sauƙi ka rubuta "unknown" a gurbin bincike na Settings. A sababbin Samsung akwai kuma Auto Blocker, wanda idan yana kunne ba zai bari a girka komai daga waje ba ko da ka ba da izinin.

Kashe izinin bayan an gama shi ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa. Na sha buɗe wannan shafi a wayoyin mutane na tarar da manhajoji shida ko bakwai duk an rubuta "Allowed" a ƙarƙashinsu, har da na kallon bidiyo da na wasanni. Izinin ba ya sa a girka abu a ɓoye, dole ne allon Install ya fito, amma manhajar da ke da shi tana iya sauko da wani apk da kanta ta jefo maka allon a tsakiyar wani aiki, da sunan sabuntawa, kuma yatsa yakan riga ido.

Ba kowace ƙin hawa ce alamar mugunta ba, kuma yana da kyau ka iya bambancewa. "There was a problem parsing the package" yawanci yana nufin fayil ɗin bai gama sauka ba, ko an yi shi ne don Android da ta fi taka sabunta. Idan aka ce manhajar ba ta dace da wayarka ba, sau da yawa batun kwakwalwar waya ne: fayil mai alamar `arm64-v8a` ba zai hau ƙananan wayoyi masu tsarin 32-bit ba, irin da yawa daga cikin masu Android Go, su `armeabi-v7a` suke buƙata. Android 14 kuma tana ƙin tsofaffin manhajojin da aka gina don abin da ya gabaci Android 6, saboda masu cuta suna fakewa da tsohon tsari don kauce wa tambayar izini. Sai matsalar da ta fi damun masu tura manhaja daga waya zuwa waya. Tun Agustan 2021 Google ta wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ake raba manhaja gida-gida, a ba kowace waya babban ƙunshi da ƙananan da suka dace da harshenta da allonta da kwakwalwarta. Idan aka turo maka babban ƙunshin shi kaɗai, ko dai ya ƙi hawa, ko ya hau ya riƙa rufewa da zarar an buɗe. Fayilolin da ke ƙarewa da .xapk ko .apks ko .apkm tarin waɗannan gutsattsarin ne, kuma waya ba ta girka su kai tsaye sai da wata manhajar girkawa, wadda ita ma amana ce ta biyu da za ka bayar.

Babban haɗarin yana farawa ne bayan girkawa. Android tana tsare kowace manhaja a ɗakinta, ba ta iya leƙa bayanan manhajar banki kai tsaye, don haka muguwar manhaja ba ta da ƙarfi sai abin da mai waya ya miƙa mata da hannunsa. Izinin shiga intanet yana cikin waɗanda take samu ba tare da an tambaye ka ba, kuma shi ya ishe ta fitar da duk abin da ta samu. Izini uku nake so ka riƙe. Na saƙon tes, domin ta nan lambar OTP take zuwa. Na karanta sanarwa, "Notification access", domin lambar tana bayyana a sanarwa ko da ba a buɗe saƙon ba. Sai Accessibility, wanda aka yi domin makafi da masu lalurar hannu, kuma shi ya fi duka nauyi, saboda manhajar da ta same shi tana karanta abin da ke allo, tana ganin abin da ake rubutawa, tana kuma taɓa maɓallai da kanta, har ta ba wa kanta sauran izini, ta kuma rufe shafin Settings duk lokacin da ka je goge ta. Da irin wannan dabara FluBot ta yi ɓarna a Turai: saƙon tes ne yake zuwa cewa kana da kaya a hanya, ka sauke manhajar bibiya, kuma sai a 2022 'yan sandan ƙasashe goma sha ɗaya tare da Europol suka rushe cibiyarta. Tun 2019 Play Store ta taƙaita manhajojin da aka yarda su nemi izinin tes da tarihin kira, amma wannan doka ce ta kanti, ba ta bin fayil ɗin da ya shigo ta bayan gida.

Bari in ba ka wani da ya zo teburina. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo waya, ƙorafinsa shi ne kwana biyu ba ya ganin alat, kuma da ya duba asusunsa a wajen mai POS ya tarar an cire naira dubu tamanin da biyar a cira uku. Wayar Android 11 ce. Na tambaye shi ko ya girka wani abu a makon, ya ce a'a, sai dai fom ɗin tallafin manoma da aka turo a zauren 'yan kasuwarsu, wanda ɗansa ya cike masa. Na buɗe ma'ajiyar fayiloli na same shi, `Tallafi_Form.apk`, nauyinsa bai kai megabait biyar ba. Fom ba ya zuwa a apk, kamar yadda katin gayyata da hoto da takardar PDF ba sa zuwa a apk, amma su biyun ba su san fayil ɗin manhaja ce ba. Na kwafe shi zuwa kwamfuta na duba izinin da yake nema da kayan aikin Android SDK:

```
aapt dump permissions Tallafi_Form.apk
```

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a jerin:

```
android.permission.INTERNET
android.permission.RECEIVE_SMS
android.permission.READ_SMS
android.permission.SEND_SMS
android.permission.READ_CONTACTS
```

Daga nan labarin ya haɗu. Yaron ya tuna cewa bayan buɗewa an tambaye shi wani abu ya taɓa Allow sau biyu ko uku, sannan aka ce a mayar da manhajar ta zama ta karɓar saƙonni don a tabbatar da lambar waya, ya amince. Fom ɗin ya nemi suna, da BVN, da lambar katin banki da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun baya, wai don a cire naira ɗari ta rajista. Da na duba Default apps na ga SMS app ba ta wayar ba ce, wata ce mai suna kamar na tsarin waya da farin tambari. A Android manhajar da aka naɗa ta karɓar saƙonni ita ce ke da alhakin ajiye saƙo da nuna shi, don haka wannan tana karɓar OTP ta aika wa masu ita, ta karɓi alat ta yi shiru. Dattijon bai faɗa wa kowa lambar OTP ba, kuma ya yi ta rantsuwa a kan haka, gaskiya kuma ya faɗa. Kiredit ɗinsa ma ya ƙare, domin ta riƙa tura saƙon gayyata zuwa lambobin da ke wayarsa, wanda ya sa wasu abokansa suka ga kamar daga gare shi ne.

Tsarin da muka bi shi ne zan ba duk wanda ya tsinci kansa a haka, kuma jerin yana da muhimmanci. Mun fara sa wayar a Airplane mode muka cire layin, muka sa shi a ƙaramar waya mai maɓallai, daga can ya kira banki aka toshe katin, domin goge manhaja ba ya dawo da lambobin da suka riga suka fita. Sannan na mayar da manhajar saƙonni ta asali a matsayinta, na duba Accessibility da Device admin apps, domin manhajar da ta zama mai kula da na'ura ba ta goguwa sai an sauke ta daga wannan matsayi. Tasa ba ta kai can ba, ta gogu salin alin. Da ta yi gardama, da na shiga Safe mode, wanda a yawancin wayoyi ake samu ta danne maɓallin kashewa sannan a danne Power off a allo, a nan manhajojin da aka girka ba sa tashi. Duk da ta gogu, na ba shi shawarar a kwashe hotuna da lambobi a yi wa wayar Factory reset, saboda ba ni da tabbacin ba ta sauko da wata ba, sannan ya canza lambobin sirrinsa na banki da kalmar sirrin Google daga wata na'ura. Kwanakin da aka yi kafin ya lura su suka sa batun dawo da kuɗin ya yi wuya.

Da wayarsa Android 13 ce ko sama, da wani shinge ya ƙaru. Daga 2022 manhajar da aka girka daga fayil ba ta samun Accessibility ko izinin karanta sanarwa kai tsaye, allon zai ce "Restricted setting", sai mai waya ya je shafin manhajar ya zaɓi "Allow restricted settings" da kansa. Masu cuta sun san haka, shi ya sa suke haɗa fayil ɗin da hotuna ko bidiyon koyarwa, mataki-mataki, har da yadda za a kashe Play Protect wai don tana kuskure. Duk manhajar da sharaɗin aikinta shi ne ka kashe mai gadi, ka san abin da take shirin yi. Haka nan manhajojin bashi da ake rabawa ta mahaɗi: Play Store ta hana masu ba da bashi karanta lambobin waya da hotuna tun 2023, kuma tana neman shaidar amincewar FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, ga masu aiki a Najeriya, don haka wadda ta zo a apk tana neman Contacts ta kauce wa waɗannan sharuɗɗa ne, kuma lambobin da ta kwasa su ne za a riƙa kira ana ci maka mutunci ranar da ka makara.

Ba ina cewa Play Store tsarkakakkiya ce ba. A 2017 wata jabun WhatsApp ta zauna a cikinta har aka sauke ta fiye da sau miliyan ɗaya kafin a cire. Bambancin shi ne a can akwai mai bincike kafin shiga, akwai wanda za a kai wa ƙara, akwai kuma sabuntawa da ke zuwa da kanta ta toshe ɓarakar da aka gano. Manhajar da babu ita a kanti, idan ka girka ta daga fayil, kai ne za ka riƙa bin sabuntawarta, kuma kowace sabuntawa sabon fayil ne da za ka sake tantancewa. Rumbunan apk na intanet ma ba matsayinsu ɗaya ba: akwai masu gwada hatimin kowane fayil da na asali kafin su ɗora, akwai masu karɓar komai, kuma ko manhajar APKPure kanta an taɓa samun Triada a fitowarta mai lamba 3.17.18 a 2021, kafin su gyara a ta gaba.

Idan dole ta sa ka girka wani apk, kuma kana da kwamfuta ko wani masani kusa, ana iya ganin hatimin ƙuru-ƙuru:

```
apksigner verify --print-certs sunan_fayil.apk
```

Zai fito da layi mai "SHA-256 digest" da dogon jerin haruffa da lambobi sittin da huɗu. Wannan jerin ne ake gwadawa da na kwafin da aka tabbatar na asali ne, ko da wanda masu manhajar suka wallafa a shafinsu, kamar yadda Signal take yi. Kada ka dogara da sunan da ke layin "DN", domin mai sassaƙa hatimi shi yake rubuta sunan da ya ga dama. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, inda injunan bincike da dama za su duba shi. Idan da yawa suka yi ja, magana ta ƙare, amma fitowa fes ba wanke shi ta yi ba, domin sabon fayil da aka haɗa jiya ba lallai ne a san shi ba.

Game da halin da kake ciki, ka tambayi ƙanenka abin da yake burge shi a manhajar. Idan lamba biyu yake so a waya ɗaya, WhatsApp ta asali ta fara karɓar asusu biyu tun 2023, ga WhatsApp Business, ga kuma tagwaita manhaja da ke cikin wayoyin da kansu, App Twin a Tecno, XClone a Infinix, Dual Messenger a Samsung. Ɓoye lokacin da aka gan ka da kashe shuɗin alamar karatu duk suna cikin Privacy na ta asali. Shi kuma da ya riga ya girka, ya buɗe shafin izininta ya ga abin da ya ba ta, ya duba Accessibility da Default apps da Install unknown apps, ya koma ta asali, sannan ya kunna Two-step verification da sabuwar lamba shida. Ya sani tun da wuri cewa hirarrakin da ke cikin jabun ba lallai su biyo shi ba, don haka ya fitar da waɗanda yake buƙata ta Export chat kafin ya goge ta.